Wasiƙar neman cikakken adireshi daga mai gida kafin a sa hannu a yarjejeniyar haya

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawararku a kan wata wasiƙa da nake son aika wa mai gidan da zan kama haya. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Kano, kuma na sami sashe ɗaya, ɗaki biyu da falo, a wani gida mai sassa huɗu a Rijiyar Zaki, a kan naira 650,000 a shekara. Na ba da kafin alƙalami na naira 100,000, sauran kuma sai ranar da za a sa hannu. Da dillali ya kawo takardar yarjejeniya, wadda aka buga a shagon buga takardu, sai na ga a inda ya kamata a bayyana gidan an rubuta "gida da ke Rijiyar Zaki, Kano" kawai. Na koma na duba da kaina. A jikin ƙofar gidan an rubuta 27 da jan fenti, a wani tsohon rasidin sayen wuta da na tsinta a tagar kicin an rubuta gida mai lamba 14, shi kuma dillali ya ce shi dai fuloti na 312 ya sani. Mai gidan dattijo ne da ke zaune a Kaduna, ƙanensa ne ke karɓar kuɗi a madadinsa. Abin da na rubuta bayan gaisuwa shi ne: "Ina roƙon Alhaji ya taimaka ya aiko mini da cikakken adireshi domin a sa a cikin takardar haya." Shin wannan ya isa, ko akwai abin da ya kamata in ƙara ba tare da na ɓata wa dattijon rai ba?

Abban Ikram:
Wa alaikumus salam. Ni a ganina ba sai ka wahalar da kanka da wasiƙa ba, Malam Nasiru, domin ƙanen nasa ai ya san inda yayansa yake zaune a Kaduna. Ka kira shi ya faɗa maka unguwa da layi, ka rubuta, shi ke nan. Tambayar dattijo inda yake kwana a rubuce tana iya sa ya ɗauka kana shirin kai shi ƙara tun ba ka tare ba.

Malam Nasiru:
Na gode, Abban Ikram, amma adireshin gidan da zan shiga nake nufi, ba na inda Alhaji yake zaune ba.

Barista Amina:
Malam Nasiru, wannan saɓanin fahimta da aka samu yanzu tsakaninka da Abban Ikram shi ne amsar tambayarka. Idan mutumin da ya karanta dukan bayaninka ya fahimci jimlar ta wata fuska, to dattijon da zai karɓi layi ɗaya ba tare da wani bayani ba ya fi kusa da yin haka. Kalmar "cikakken adireshi" ba ta faɗi na wane wuri ba, ba ta kuma faɗi abin da ake nufi da cika ba. A wurin Alhaji, "gidana na Rijiyar Zaki" cikakken bayani ne, tun da wataƙila gida ɗaya yake da shi a can.

Gaskiyar magana ita ce adireshi biyu kake bukata, kuma kowanne da aikinsa. Na farko shi ne na wurin da aka ba ka haya. Shi ne yake tabbatar da abin da ka biya wa kuɗi, kuma a gida mai sassa huɗu bai tsaya ga ƙofar waje ba, dole ya kai har ga sashen da ke hannunka. Idan takarda ta ce "gida" alhali sashe ɗaya aka ba ka, an bar ƙofar gardama a buɗe ta kowane ɓangare: kai kana iya cewa filin ajiye mota da ɗakin mai gadi suna cikin abin da ka kama, shi kuma wakili yana iya cewa sashen baya aka yi ciniki da kai, ba na gaba da ka zaga ba.

Na biyu shi ne adireshin da za a riƙa kai wa mai gida takarda. Mutane suna raina wannan har sai ranar ta zo. Idan za ka sanar da shi cewa ba za ka sabunta haya ba, ko rufi ya fara yoyo kana son shaidar cewa ka kai kuka kafin ka kashe kuɗinka a gyara, ko kuma aka kai ga sammaci, sai an sami inda za a miƙa takarda hannu da hannu. Kotu tana iya ba da izinin a liƙa takarda a ƙofa ko a bi wata hanya idan ba a sami mutum ba, amma sai an nemi izinin tukuna, kuma wannan ƙarin lokaci ne da ƙarin kuɗi a kanka. Saboda haka Abban Ikram bai kauce gaba ɗaya ba, ya dai kama rabin da ba ka tambaya ba.

Sani Ɗan Kurna:
Barista, da girmamawa, ina ganin an wuce wannan zamanin. Ya tsaya a ƙofar gidan ya buɗe Google Maps, ya danna inda yake, ya kwafi lambobin da za su fito ya sa a takarda. Lambar fenti tana gogewa, ana canza sunan layi, amma wurin da gida yake a doron ƙasa ba ya motsawa. Da wannan ba ya bukatar komai daga mai gida.

Malam Idirisu, Kumasi:
Abin da Malam Sani ya faɗa ya yi kama da abin da muke yi a nan Gana. Tun shekarar 2017 aka fito da tsarin GhanaPostGPS, wanda ya raba ƙasa gida-gida, kowane murabba'i mai mita biyar da lambarsa, kuma tamu ta Kumasi da AK take farawa. Ana rubuta ta a takardu da dama. Sai dai a zongonmu gida ɗaya yakan ƙunshi ɗakuna goma sha, kuma wanda ya ɗauki lamba daga zaure da wanda ya ɗauka daga bakin rijiya ba lallai su sami abu ɗaya ba. Don haka har yanzu muna ƙara sunan gida da lambar ɗaki.

Barista Amina:
Malam Sani, shawararka tana da amfani a matsayin ƙari, kuma ni ma nakan sa irin waɗannan lambobi a ƙarshen bayanin gida idan unguwa sabuwa ce. Amma akwai abu biyu da ba za su yi ba. Wayar hannu takan kauce da 'yan mitoci, musamman tsakanin gine-gine, kuma 'yan mitoci a layin da gidaje suka haɗa katanga sun isa su kai ka gidan maƙwabci. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne, ba neman hanyar zuwa gidan Malam Nasiru yake yi ba, ai ya san hanya. Abin da yake nema shi ne mai gida da kansa ya faɗa a rubuce cewa wannan wuri, mai wannan siffa, shi ne ya ba shi haya. Bayanin da ɗan haya ya tattaro shi kaɗai bayaninsa ne, wanda kuwa ya fito daga hannun mai gida yana ɗaure mai gidan.

Ado Dillali:
Bari in yi magana a kan lambobin nan uku, tun da sana'ata ce, kuma kullum mu ake zargi. Mai yiwuwa ne ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Lambar fuloti ita ce wadda aka ba fili lokacin da aka yanka shi, tun babu ko bulo ɗaya a kai, kuma ita ce ke cikin takardar mai shi. Lambar ƙofa kuwa daga baya take zuwa, wani lokaci ƙaramar hukuma ce ta bi layi ta rubuta, wani lokaci ƙungiyar unguwa ce ta yi domin karɓar kuɗin 'yan sintiri ko na kwasar shara, kuma idan aka sake lissafi bayan an cike kangwaye sai a shafe tsohuwa a rubuta sabuwa. Ta rasidin wuta kuma ita ce wadda aka rubuta ranar da aka nemi mita. In a lokacin gidan shi ne na 14 a layin, haka zai ci gaba da fitowa ko da yanzu ya zama na 27.

Sai dai in ja hankalin Malam Nasiru a kan 312 ɗin. Ka fara sanin filin na gwamnati ne ko awon igiya ne. Idan gwamnati ce ta yanka, lambar fuloti tana tafiya da lambar shimfiɗar filayen wurin, kuma ana iya bin diddiginta a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano. Idan awon igiya ne, wato gona ce mai ita ya yanka ya sayar, to lambar da ke bakin dillali ta takardar mai gonar ce, kuma a gonar da ke maƙwabtaka ma ana iya samun wani fuloti na 312. A irin wannan wuri mu da iyakoki muke aiki, kamar yadda ake rubuta takardar ciniki a gaban mai unguwa: gabas ya yi iyaka da gidan wane, yamma da layi, kudu da kango, arewa da makarantar allo.

Sani Ɗan Kurna:
To in haka ne ai sai ya nemi Alhaji ya turo masa hoton satifiket ɗin gidan, a kwafe abin da ke ciki, a huta da wannan dogon zance.

Hajiya Yalwa:
Ɗana Sani, a nan ne ba zan bi ka ba. Ina da gidaje biyu da nake bayarwa haya, kuma duk ɗan hayar da ya aiko mini da wasiƙa yana neman hoton takardar gidana, zan mayar masa da kafin alƙalaminsa cikin mutunci. Ba don ina ɓoye wani abu ba. Mun sha jin yadda ake yawo da kwafin takardar gida a nuna wa mai saye, shi ya sa kuke ganin an rubuta a katangu cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne. Mutumin da zai zauna shekara ɗaya ba ya bukatar takardata a wayarsa. Amma in ya ce, "Hajiya, a duba takarda a rubuto mini lambar fuloti kamar yadda take a ciki," wannan ba zai dame ni ba ko kaɗan.

Sannan, Malam Nasiru, ka kula da yadda za ka buɗe maganar. Dattijo yana jin zafin a nuna masa ba a yarda da shi ba. Ka ɗora bukatar a kan takardar da dillali ya kawo da kuma wurin aikinka, kada ka ɗora ta a kansa. Kuma kada ka tsallake ƙanen nasa. In wasiƙa ta isa Kaduna wakili bai sani ba, ka sayi rigima da mutumin da za ka riƙa gani duk wata, wanda shi za ka kira ran da famfo ya lalace.

Barista Amina:
Na yarda da Hajiya a kan hoto, ko da yake ina da ɗan bambanci da ita. A hayar shekara ɗaya ba na matsawa. Amma da shago ne da mutum zai zuba kuɗi ya gyara, ko haya ce ta shekaru da yawa, zan ce lauyansa ya ga takardar da idonsa ko da ba za a ba shi kwafi ba, domin hayar da ta wuce shekara uku tana da nata ƙa'idojin rubutu da rajista. Wannan dai ba shi ne halin Malam Nasiru ba.

Ga yadda zan so wasiƙar ta kasance. Ka lura na ware masa gurabe, domin dattijon da aka ce ya rubuto adireshi zai ɗage har sai ya sami lokaci, wanda kuwa aka ba takarda mai gurabe yakan sa ɗansa ya cike a zama ɗaya.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali baki ɗaya. Ni ne Nasiru, wanda aka ba hayar sashe ɗaya a gidanka na Rijiyar Zaki ta hannun wakilinka, na kuma biya kafin alƙalami na naira 100,000 a ranar kaza. Ranka ya daɗe, takardar yarjejeniyar da aka kawo mini ta ambaci unguwa kawai, ba ta kawo lambar gida ko ta sashe ba, alhali wurin aikina suna bukatar takardar da cikakken bayani. Na kuma tarar da lambobi uku daban-daban: 27 a jikin ƙofa, 14 a rasidin wuta, da fuloti na 312 a bakin dillali. Don kada in rubuta abin da ba daidai ba, ina roƙon Alhaji ya taimaka a cike waɗannan gurabe, ba sai an aiko da kwafin wata takarda ba:

Lambar fuloti kamar yadda take a takardar gida: ……
Lambar gida da sunan layi da ake amfani da su yanzu: ……
Unguwa da ƙaramar hukuma: ……
Sashen da aka ba ni, da abin da ya ƙunsa: ……
Cikakken sunan Alhaji kamar yadda yake so a rubuta: ……
Adireshin da Alhaji yake so a riƙa kai takarda, nasa ko na wakili: ……

Zan ji daɗi in amsa ta iso kafin ranar kaza da aka sa domin sa hannu da biyan sauran kuɗi. Allah ya ƙara girma da lafiya. Wassalam."

Gurbi na ƙarshe ya amsa damuwar Abban Ikram, tun da ba a tambayi dattijo inda yake kwana ba, an bar masa zaɓi, yana iya ba da shagonsa ko gidan ƙanensa. In ya zaɓi na wakili, sai a rubuta a yarjejeniya cewa duk takardar da aka miƙa wa wakili a wannan adireshi daidai take da an miƙa wa mai gida.

Malam Nasiru:
Allah ya saka da alheri, Barista. Tambayoyi biyu nake da su. Ƙaramar hukuma dole ce, tun da kowa ya san Rijiyar Zaki? Sannan in amsa ta zo, wace lamba zan ɗauka a cikin ukun?

Barista Amina:
A sa ƙaramar hukuma. Rijiyar Zaki tana cikin Ungogo, amma da yawan mutane "Kano" kawai suke rubutawa, kuma bakin unguwanni a wannan yanki yana shiga juna, ta yadda sunan da dillalai ke kiran wuri da shi ba lallai ya dace da iyakar hukuma ba. Shari'ar gida a kotun yankin da gidan yake ake yin ta. Sunayen unguwanni kuma suna maimaituwa: akwai Tudun Wada a cikin birnin Kano, akwai ƙaramar hukumar Tudun Wada a kudancin jihar, akwai wata a Kaduna, akwai wata a Zariya. Wannan ya shafi adireshin Alhaji na Kaduna ma, ka tabbata an rubuta gari, ba jiha kawai ba.

Game da lambobi, ba sai ka zaɓi ɗaya ka watsar da saura ba. A jera su kowace da sunanta, misali: "sashe na gaba ta hannun dama idan an shiga, mai ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki biyu, a gidan da ke kan fuloti na 312, wanda aka rubuta wa lamba 27 a ƙofa." Sai a ƙara lambar mitar sashen naka, wadda take a jikin mitar, domin ita ce ta bambanta shi da sauran ukun. Ka kuma tabbata irin wannan bayani ne zai hau rasidin kuɗin haya.

Maman Sadik:
Ina so in ba da nawa labarin, ko da yake ƙarshensa ya bambanta da abin da kuke tsoro. Mun zauna shekara huɗu a wani gida da takardarmu ta ce lamba 9, alhali gidan 6 ne, farantin lambar ne ƙusarsa ɗaya ta cire ya juye. Da mai gidan ya so mu tashi, ya aiko da notis na wata shida mai ɗauke da lamba 6, sai wani ya ba maigidana shawarar ya yi shiru, wai notis ɗin ba namu ba ne tun da lambar ba ta dace da yarjejeniya ba. Maigidana ya ƙi, muka tashi a kan lokaci. Har yau ina tunanin da mun tsaya, da mun ci riba da wannan kuskure. Wato wani lokaci rashin cikar adireshi ɗan haya yake amfana.

Barista Amina:
Maman Sadik, maigidanki ya yi daidai. Gaskiya ne mai hayar shekara yana da notis na wata shida idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai hayar wata yana da wata ɗaya, bayan wa'adin ya cika kuma akwai wani na kwana bakwai kafin a tafi kotu, kuma lauyoyi sukan kama kuskuren da ke cikin waɗannan takardu. Amma ku kun karɓi takardar da hannunku, da sunanku a kai, kuma gida ɗaya ne tsakaninku da mutumin, don haka da wuya a ce an ruɗe ku. Abin da za ku samu shi ne jinkiri, tare da kuɗin lauya da kuɗin zaman da kuka ƙara. Kuma irin wannan giɓi ne zai juyo kanku da a ce ku ne kuke bin sa kuɗin gyara.

Ado Dillali:
Ni dai inda nake da ja shi ne batun rubuta sunayen maƙwabta da na kawo, wanda Barista ba ta sa a gurabenta ba. In awon igiya ne, ban ga abin da zai maye gurbinsa ba.

Barista Amina:
Ban sa ba ne domin mutumin da ke Kaduna ba lallai ya san wanda ya sayi kangon kudu bara ba, kuma maƙwabta suna sauyawa. In ta tabbata awon igiya ne, wakili da mai unguwa su ne za su faɗi iyakoki, a rubuta layi da masallaci da abin da ba ya tashi, a rage dogaro da sunayen mutane.

Ado Dillali:
Masallaci ma ana rushewa a faɗaɗa, Barista, amma na ji.

Malam Nasiru:
Jama'a, ga inda aka kwana. Na kai wa wakili wasiƙar a ambulan ranar Asabar, na karanta masa kafin in rufe, kamar yadda Hajiya ta nuna, shi kuma ya ɗauki hotonta ya tura wa Alhaji ta WhatsApp. Jiya amsa ta dawo da rubutun hannu. Fulotin 321 ne, ba 312 ba, kuma filin na gwamnati ne. Lambar ƙofa 27 ta tabbata, an kuma ba da shagon wakili a matsayin inda za a riƙa kai takarda. Sai dai a gurbin suna ba sunan Alhaji aka rubuta ba, an rubuta "magadan marigayi" da sunan mahaifinsu, aka sa Alhaji a matsayin babba a cikinsu. Ranar Alhamis aka sa domin sa hannu, kuma ban biya sauran naira 550,000 ba tukuna. Barista, sa hannun Alhaji shi kaɗai ya wadatar a haka, ko sai na nemi wata takarda daga sauran magada?